Shiri na yau: "Ba laifi" ba amsa ba ce, koma ka sake tambayar oganka

Shirin yau na masu SIWES ne, wato aiti kamar yadda muke kiransa a makaranta. Zan ba ku labarin ranar da na tambayi shugabata yadda take ganin aikina, da abin da na yi da amsarta.

Na yi aitina na wata shida a sashen labarai na wani gidan rediyo. Duk ƙarshen mako ina kai wa editarmu logbuk, ta sa hannu, ta rubuta "ba laifi". Ni kuwa ina ta murna. Sai a mako na 12, rabin zango ke nan, na lura cewa duk labarin da na rubuta, idan aka karanta shi a iska ba na gane shi. An sake shi gaba ɗaya, kuma ba wanda ya ce mini uffan. Ita ce za ta rubuta rahoto a kaina a ƙarshe, kuma a lokacin gyara ya wuce.

Ban tare ta ana tsaka da haɗa labaran 12 na rana ba, don lokacin ko gaisuwa ba ta amsawa. Na bari aka gama, na ce: "Hajiya, na kai rabin zamana a nan. Don Allah ko za ki ba ni minti 15 ranar Alhamis, ki nuna mini inda zan gyara?" Ta ce in zo bayan azahar.

Ku lura, ban ce "yaya kike ganin aikina?" ba. Wannan tambayar "ba laifi" take haifowa. Na je da labarai uku da na rubuta, tare da yadda aka gyara su, na ce: "Mene ne kike yawan gyarawa a rubutuna? Kuma in abu ɗaya zan canza kafin in tafi, wanne ne?"

Ta ce: "Kana da nawa, kuma kana ɓoye labari."

Wallahi sai da na ji zafi. Bakina ya cika da uzuri, cunkoson hanya ne, rikoda ce. Na haɗiye. Da ka fara kare kanka, oga zai koma "ba laifi". Sai na ce: "Hajiya, ki ba ni misali." Ta ɗauki labarina kan tsadar taki. Na fara da cewa an yi taro, wane da wane sun halarta, sai a jimla ta biyar na faɗi kukan manoman. Ta ce mai sauraro ba ya iya komawa baya kamar mai karanta jarida, don haka abin da ya faru shi ne jimlar farko. Nawar kuma, ashe tana son rubutu a teburinta ƙarfe 11, ni kuwa sai 11:30 nake kawowa. Ban taɓa sanin da wannan ƙa'idar ba.

A daren na tambayi kaina: me ke jawo nawar? Sai na gano ina zama in kwafe duk hirar da na ɗauko, kalma bayan kalma, kafin in fara rubutu. Hirar minti goma tana cin mini kusan awa guda. Kun ga da na rubuta "zan ƙara sauri" a matsayin tsari, da ba abin da ya canza, tunda ban taɓa tushen ba.

Ga abin da na rubuta a rabin shafi. Na ɗaya: yayin ɗaukar murya zan riƙa rubuta mintin da aka faɗi muhimmiyar magana, in kwafi wurin kaɗai, in miƙa rubutu kafin 11. Na biyu: kafin in rubuta komai zan faɗi labarin da baki a jimla ɗaya, kamar ina gaya wa abokina, ita ce za ta buɗe labarin. Ma'auni: cikin kwanakin aiki 10, sau nawa na miƙa kan lokaci, sau nawa aka bar jimlata ta farko yadda take. Idan ba za ka iya ƙirga abu ba, buri ka rubuta, ba tsari ba.

Washegari na nuna mata, don in tabbatar na fahimce ta daidai. Ta ƙara da biro cewa in riƙa tabbatar da suna da muƙamin mutum kafin in bar wurin hira.

Bayan mako biyu na koma. Na miƙa kan lokaci sau 7, jimlata ta tsira sau 4 kacal. Ban ɓoye ba. Ta ce nawar ta yi sauƙi, mu mai da hankali kan buɗe labari. Daga ranar ta daina gyara mini a ɓoye, sai ta kira ni mu gyara tare.

To, kai da kake mako na 10 ko na 12 yanzu, zaɓi ayyukanka uku, gobe ka nemi minti 15. Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.