Canja Suna da Tambari: Abin da Zabuwa Ta Koya Mana

Shugaban ƙungiya, iyayenmu dattawan kasuwa, alhazai da hajiyoyi, da 'yan'uwa da suka ƙetaro daga Maraɗi, Damagaram, Ƙwanni da sauran garuruwa, muna yi muku barka da zuwa wannan biki na zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu. Allah ya maimaita mana.

An nemi mu yi magana a kan yadda ɗan kasuwa zai canja sunan sana'arsa da tambarinta ba tare da tsofaffin abokan cinikinsa sun watse ba. Dalilin da ya sa aka zaɓo mu shi ne mun taɓa yi, mun ƙone hannu, sannan muka gyara. Don haka labarin gidanmu za mu ba ku, da asarar da ke ciki.

Da yawa daga cikinku kun san mahaifinmu, Allah ya jiƙansa. Ya yi shekaru masu yawa yana yin sabulun wanki a Kano, ana ɗaukarsa ta Jibiya da Ɗan Isa zuwa Maraɗi, daga can ya bazu kasuwannin ƙauye. Takardar naɗin sabulun koriya ce, da hoton zabuwa a tsakiya, sunansa kuma a rubuce a sama. Bayan rasuwarsa aka raba gado, wani ɓangare na iyali ya tashi da sunan, mu kuma muka tashi da wurin aikin da alamar. Canjin suna ya zama dole a kanmu.

Ga kuskuren da muka yi. Muka ce tunda za a canja suna, bari a sabunta komai gaba ɗaya. Muka samu wani yaro mai zane, ya fitar mana da takarda shuɗiya, da haruffa uku na sabon sunan a tsakiya, aka cire zabuwa wai ta tsufa. Mu kanmu ya burge mu. Muka aika katan 400 Maraɗi. Cikin mako shida katan 260 suka dawo. Sabulun nan bai canja ba, tukunya ɗaya, ma'aikata ɗaya, nauyi ɗaya. Amma 'yan sari suka ce mata suna ɗauka su juya, su ajiye, su ce wannan jabu ne, a ba su na asali. Abin da ya fi ciwo, ba a yi wata uku ba sai ga wani sabulu a kasuwa cikin koriyar takarda da tsuntsuwa mai kama da tamu. Rigar da muka tuɓe wani ya ɗauka ya sa, kuma shi mutane suka riƙa kira na asali.

Sai muka yi abin da ya kamata mu fara da shi. Muka bi masu saye kusan 30, daga babban ɗan sari har mai tebur a kasuwar ƙauye, muna yi musu tambaya ɗaya: idan za ka aiki yaro ya sayo maka sabulunmu, me kake ce masa? Mutum biyu kacal suka ambaci sunan mahaifinmu. Sauran duk “mai zabuwa” suke cewa, wasu kuma “koren nan”. Ashe sunan da muke ta fargabar rasawa, ba shi mutane suka riƙe ba. Abin da suka riƙe, shi muka jefar da hannunmu.

Wannan ya fi shafar mu masu ƙetare iyaka. Mai sayen kayanmu wani Turanci ya karanta, wani Faransanci, wani ajami, wani kuma bai yi ko ɗaya ba. Rubutu yana tsayawa a bakin iyaka, amma launi da hoto suna wucewa ba tare da tafinta ba. Saboda haka kafin ka taɓa komai, ka gano sunan da kasuwa ta raɗa maka, ka bar shi yadda yake.

Kun ga misalin haka a wayoyin da ke aljihunku. Kamfanin da muka sani da Celtel ya koma Zain a 2008, ya sake komawa Airtel a 2010, a Najeriya da Nijar da Chadi. Suna ya canja, launi ya canja, amma lambar kowa tana nan, kuma lambar ce ta ɗaure mutum da layinsa. Haka Etisalat ta Najeriya da ta koma 9mobile a 2017, ta riƙe koren launinta, ta kuma ɗauko taran da ke cikin 0809 ta sa a sabon sunan. Su suna da lambar waya da kuɗin talla a rediyo da talabijin. Mu ba mu da ko ɗaya a jikin sabulu, zabuwa ce lambarmu.

Yanzu ga yadda muka gyara. Mun dawo da koriyar takarda da zabuwa. Gyaran da aka yi wa hoton kaɗan ne, an fito da zanen sosai don ya bugu da kyau, amma tana fuskantar inda take fuskanta tun da, girmanta kuma bai ragu ba. Mun gwada ta hanya mai sauƙi: muka jera tsohon da sabon a kan kanta, muka sa mutum ya tsaya taku goma baya. Idan ya ce iri ɗaya ne, zanen ya yi. Idan ya yi jinkiri, mai zane ya wuce gona da iri.

Sunan kuma a hankali muka shigar da shi, bayan mun yi yarjejeniya a rubuce da 'yan'uwanmu cewa za mu ci gaba da ambaton tsohon na shekara ɗaya. Wata shida na farko, tsohon suna yana nan da girmansa, sabon yana ƙasa da ƙananan haruffa. Wata shida na biyu muka juya, sabon ya hau sama, a ƙasa aka rubuta “wanda kuka sani da” tsohon suna, da Hausa da Faransanci. Bayan shekara muka cire tsohon.

Wataƙila wani ya ce me ya sa wata shida. Ba daga littafi muka ɗauko ba, daga tafiyar kayanmu muka lissafa. Mai sayenmu mafi nisa daga Agadas yake zuwa, kusan sau ɗaya a wata uku. Mun so kowane mataki ya gan shi aƙalla sau biyu kafin a wuce zuwa na gaba, uku sau biyu kuwa shida ne. Wanda kayansa ke juyawa duk mako zai iya gajartawa. Wanda yake sayar da kayan da ake saye sau ɗaya a shekara, kamar kayan noma, to sai ya ba shi damina biyu. Kuma kada ku fara a lokacin da ciniki ya fi zafi, kamar gab da salla, domin a ranakun nan ɗan sari ba shi da lokacin yi wa kowa bayani.

'Yan sari su ne bakinmu a kasuwa, don haka su muka fara sanarwa, wata guda kafin kaya su fita. Ba saƙon waya muka tura ba, da ƙafa muka je wurin manyansu, muka kai wa kowa samfuri da takarda mai hoton tsoho da sabo gefe da gefe don ya liƙa a shago. Muka yi musu alkawarin karɓar duk katan ɗin da ya ƙi tafiya cikin wata biyu. Wannan alkawari ne ya sa suka yarda suka ɗauka. Abin da duka ya dawo a wannan karon katan 11 ne.

Akwai kuma abubuwan da muka hana kowa taɓawa a cikin shekarar nan: lambar wayar shago, yaron da ke karɓar oda, nauyin sabulu, da sharuɗɗan bashi. Ko farashi ma mun daure mun riƙe shi wata uku na farko. Idan sabon suna ya zo rana ɗaya da ƙarin kuɗi, mai saye zai ce an canja riga ne don a cuce shi. Littafin bashi ma mun bi shi shafi-shafi, kowa ya sa hannu a kan abin da ake binsa a ƙarƙashin sabon suna, domin akwai mai cewa shi Alhaji ne yake binsa, bai san wani sabon kamfani ba.

Sai maganar takardu, inda yawancinmu muke sakaci. Rajistar sunan kasuwanci a CAC daban take da rajistar tambari, ta farko ba ta kare maka hoto da launi. A Najeriya tambari yana da ofishin rajistarsa a Abuja, ƙarƙashin ma'aikatar ciniki, kuma rajistar farko shekara 7 take yi, sabuntawa kuma shekara 14. Wannan takarda ba ta aiki a Maraɗi. Nijar tana cikin ƙungiyar OAPI mai hedkwata a Yawunde, wadda rajista ɗaya a wurinta take rufe ƙasashe 17, har da Chadi, Kamaru da Benin, na tsawon shekara 10. Najeriya da Gana ba sa cikinta. Da mun yi rajistar zabuwa a ɓangarorin biyu tun farko, da mai kwaikwayon nan bai sha da daɗi ba. Ku bincika ko wani ya riga ku sabon sunan, ku shigar da takardunku, sannan ku je maɗaba'a. Ku kuma sani cewa tambarin da aka bari shekara 5 ba a amfani da shi, wani zai iya neman a soke rajistarsa.

Masu kayan abinci, sabulu da man shafawa, kada ku buga sabuwar takarda kafin ku sanar da NAFDAC. Sannan sunan da ke jikin katan, da na rasit, da na asusun banki, da na takardun kwastan, su zama ɗaya kafin mota ta tashi. Mu kanmu motarmu ta kwana biyu a bakin iyaka saboda katan yana faɗin wani suna, takarda tana faɗin wani, laifin kuma namu ne.

Daga ƙarshe, yaya mutum zai gane yana rasa mutanensa tun kafin abin ya yi nisa? Kada ka dubi jimillar ciniki kawai, sababbin masu saye suna iya rufe ramin tsofaffi. Mu mun rubuta sunayen tsofaffin 'yan sarinmu 40, da kwanakin da kowa ya saba yi tsakanin saye da saye. Duk wanda ya tsallake zuwa biyu, washegari muna ƙofar shagonsa. A cikin 40 ɗin nan, 37 suna tare da mu har yau. Ukun da muka rasa, tun a zamanin shuɗiyar takarda suka tafi, kuma har yanzu muna kai musu gaisuwar salla.

Duk wanda yake shirin irin wannan canji, takardun naɗinmu guda uku, da tsohuwar, da shuɗiyar, da ta yanzu, suna kan teburin sakatare, ya zo ya duba bayan an tashi. Allah ya sa albarka a kasuwancinmu, ya mai da kowa gidansa lafiya.