Rediyon Da Ya Fi Kan Mai Shi Girma: Yadda Hoto Ke Ƙara Wa Kaya Jiki

Mutanen Sabon Birni, mutanen Isa, 'yan'uwa na Gatawa da Unguwar Lalle, da waɗanda ke saurarenmu daga tsallaken iyaka wajen Maraɗi, ina gaishe ku da kyau. Ga rubutaccen shirin namu na yau, saboda masu ƙarancin data.

Yau zan fara da labarin wani rediyo.

Ina da wani ɗan'uwa, ba zan faɗi sunansa ba, yana saro ƙananan kayan lantarki daga Sakkwato: fitilar sola, fawa banki, 'yar rediyo mai cin memori. Ba shi da shago. Shagonsa shi ne sitatus ɗinsa na WhatsApp. Kun san halin da hanyoyinmu suke ciki, ba kowa ke son hawa mota don kawai ya je ya duba kaya ba. To sai mutum ya ga hoto, ya tura kuɗi, a ba direba saƙo ya kai masa.

Wani dattijo daga wani ƙauye a yankin Isa ya ga hoton rediyo a wayar ɗansa, ya ce a saya masa. A ransa babbar rediyo ce wadda zai ajiye a zaure, abokan hira su ji labarai tare. Da saƙo ya iso, sai ga 'yar aba da ke shiga aljihun riga. Ya kira ɗan'uwan nawa, ransa a ɓace, ya ce: "Yaro, wanga abu ba shi nig gani ga hoto ba." Shi kuma ɗan'uwana yana ta rantsuwa cewa wallahi ita ce, bai canza ba.

Kuma dukansu gaskiya suka faɗa. Rediyon ita ce, amma hoton ya yi ƙarya. Aka dawo da kaya, ɗan'uwana ya biya kuɗin mota zuwa da dawowa, riba ta tafi, kuma har yau mutanen gidan dattijon ba su sake sayen ko batir a hannunsa ba.

Na ce ya nuna mini hoton. Da na gani sai na gane inda matsalar take. Ya tsaya ne, ya miƙo hannu gaba da rediyon, ƙanensa ya ɗauka. Fuskarsa tana baya yana murmushi, rediyon tana gaba, ta fi kansa girma. Muka ɗauko tef ɗin tela muka auna rediyon: tsayinta santimita 12 kacal.

To ta yaya abu mai santimita 12 zai fi kan babban mutum girma? Ga yadda abin yake, kuma in kun riƙe wannan, kun riƙe shirin yau gaba ɗaya. Kyamara ba ta san girman abu ba, nisa kawai ta sani. Abin da ya fi kusa da ita shi ne babba. In ka rage nisan abu da rabi, girmansa a hoto zai ninka biyu.

Mu lissafa na ɗan'uwana. Ƙanensa yana tsaye kamar mita ɗaya daga fuskarsa, wato santimita 100. Shi kuma ya miƙo hannu kamar santimita 60. Ke nan tsakanin rediyo da kyamara saura 40. Raba 100 da 40, za ka samu biyu da rabi. Ma'ana, in ka kwatanta ta da fuskarsa, rediyon ta ninka girmanta sau biyu da rabi. Mai santimita 12 ta koma kamar mai 30, tsawon rular 'yan makaranta ke nan. Dattijo bai yi kuskuren gani ba. Dabarar da masunta ke yi ce in za su ɗauki hoto da kifi, sai dai shi ɗan'uwana bai san ya yi ta ba.

Wani zai ce, to ni ba na saka fuskata, hannuna kawai nake nunawa. Madalla, hannu shi ne ma'aunin da kowa ya sani. Amma ko a nan akwai tarko. Yawancinmu muna riƙe kaya da hagu, waya a dama, mu matso da ita har kusan ta taɓa kayan. A ce ka riƙe fawa banki da kan yatsu, tana santimita 20 daga kyamara, tafin hannunka kuma yana baya a 30. Raba 30 da 20, ɗaya da rabi. Kayan sun ƙara rabin girmansu a kan hannunka. Yanzu a bar riƙon yadda yake, a ja kyamara baya zuwa mita ɗaya. Kaya suna 100, tafin hannu yana 110. Bambancin ya koma ɗaya bisa goma, wanda ido ma ba zai kula da shi ba. Tazarar nan ta santimita 10 ba ta canza ba, nisan kyamara ne ya canza.

Saboda haka ga yadda muka sake ɗaukar hoton rediyon, kuma haka nake so ku gwada.

Da farko mun fita waje, muka tsaya a inuwar bango da hantsi, saboda muna son haske mai yawa amma ba rana kai tsaye ba. Ya buɗe tafin hannunsa, ya kwantar da rediyon a kai, ta yadda bayanta ke taɓa fatar hannun. Wannan shi ne sirrin: kaya da ma'auni su kasance nisa ɗaya daga kyamara. Mun bar wuyan hannu da kan yatsu duk sun fito, domin in ka yanke hannun rabi, ma'aunin ya lalace.

Sai ni na ja baya kamar taku ɗaya babba, na danna 2x a fuskar kyamara. Wasu wayoyin ba su da gilashi na musamman na 2x, yanko tsakiyar hoton kawai suke yi, don haka hoton kan ɗan rage kyau. Shi ya sa muka nemi haske. Amma ku sani ba zum ɗin ne ke gyara girma ba, ja da bayan ne. Zum cika hoton kawai yake yi. In kuma wayarka tana da 0.5x, ka bar shi don ɗaukar gona ko taron biki. Yana tilasta maka matsowa kusa, kuma yana ja wa abin da ke gefen hoto tsawo.

Na uku, na riƙe wayar daidai da fuskar rediyon, ba daga sama ba, ba daga ƙasa ba, kuma na sa ta a tsakiyar hoto. In ka ɗauka daga ƙasa, gindin kaya zai yi faɗi, sama ta tsuke, abin ya yi kama da gini. Yadda za ka gane ka karkata shi ne ka dubi gefuna biyu na kayan. In abu mai kusurwa huɗu ne, ya kamata su tafi a miƙe tare. In suna neman haɗuwa a sama ko a ƙasa, gyara riƙonka. Akwai layuka da ake kunnawa a saitin kyamara, a wayoyi da yawa sunansu Grid, suna taimakawa ƙwarai.

Yanzu maganar hannun wa. Hannuna daga wuyan hannu zuwa kan doguwar yatsa santimita 19 ne. Na auna na ƙanena mai shekara bakwai, 13 ne. Rediyo mai 12 a hannuna ba ta kai kashi biyu cikin uku ba, a hannunsa kuwa ta kusan rufe shi duka. In ka ba yaro ya riƙe, ka yanke hoton yadda ba a gane yaro ne, to ka yi algus ko da ba ka taɓa hoton ba. Ku sa hannun babba.

Tunda hannuwa sun bambanta, muka ƙara hoto na biyu da abin da girmansa ba ya canzawa. Mun shimfiɗa rediyon a kan tabarma, muka ajiye takardar naira dubu a gefenta. Takardar naira dubu tsawonta santimita 15 ne da ɗan ɗoriya, kuma babu wanda bai taɓa riƙe ta ba. Kowa ya gani ya san rediyon ba ta kai ta tsawo ba. Katin ATM ma yana yi, tsawonsa santimita takwas da rabi, kuma duk bankuna girma ɗaya suke yi. Amma don Allah kada lambar kati ta fito, gaba ko baya. In ba tsohon kati ne da ya mutu ba, a bar shi. Batir ɗan yatsa na rimot, wanda aka rubuta AA a jikinsa, santimita 5 ne. Kwalin ashana kuwa ban cika so ba, don kowane kamfani da nasa girman. Kuma ku lura, in kayan masu kauri ne, fuskarsu ta fi takardar da ke ƙasa kusa da kyamara, to nan ma a ja baya, kada a sunkuyo a kai.

Saura tarko na ƙarshe, wanda ke zuwa bayan an gama ɗauka. Sitatus dogo ne, hotonka kuma wataƙila murabba'i ne. Sai ka shiga manhajar gyaran hoto ka ja shi sama da ƙasa don ya cika fuskar waya. Shi ke nan, gajeriyar rediyo ta zama doguwa, yatsunka sun zama kamar na aljani. Hoto ana yanke shi ne, ba a jan shi. In dole ka ƙara girmansa, ja daga kusurwa, kada ka ja daga gefe. Ka nemi wani abu mai da'ira a jikin kayan, kamar sifika ko abin murɗa murya. In ya koma kamar ƙwai alhali ka ɗauka daga gaba, an ja hoton.

Ku kuma masu saye, ga abin dubawa. In babban yatsan mai riƙe da kaya ya yi ƙato fiye da kima, an matso da kyamara. In kaya na gaba, mutum na can baya, kada ka auna da fuskarsa. Ka ce a kwantar maka da shi kusa da naira dubu a sake ɗauka. Mai gaskiya ba zai ji haushi ba, minti ɗaya ne.

Ɗan'uwana yanzu hoto biyu yake sakawa, na hannu da na takardar kuɗi, sannan ya rubuta a ƙasa: tsayi santimita 12, faɗi 7, tana shiga aljihu. Ya ce mini da farko ya ji tsoron mutane za su raina ta. Sai ga shi waɗanda suka saye ta masu zuwa gona ne da 'yan acaɓa, waɗanda dama ƙaramar suke nema. Tun daga nan ba a sake dawo masa da rediyo ba.

Aikin gida: ɗauki wani ƙaramin abu a ɗakinka, ka ɗauke shi a hannu daga kusa, sannan ka ba wani wayar ya ja baya mita ɗaya ya danna 2x. Jera hotunan biyu ka gani da idonka.

Nan za mu tsaya yau. Allah ya ba mu zaman lafiya a ƙasar Gobir, ya sa albarka a nemanmu. Sai mun haɗu a shiri na gaba, wassalamu alaikum.