Jakar Zane, Jakar Takarda da Leda: Wace Ce Ta Fi?

 Yau hirarmu a kan abin da muke zuba kaya ciki ne ran kasuwa. Za mu ɗauki misali da Attantane, cikin gundumar Mayahi ta jihar Maraɗi, amma zancen na kowane gari ne.

Mai kiwon rago ba ya duba kuɗin da ya sayar da shi kaɗai. Yakan ƙidaya kuɗin saye, da dusa, da harawa, da magani, sannan ya san ko ya ci riba. Haka masana suke auna jaka. Suna bin ta tun daga inda aka yi ta har inda ta ƙare. Tambaya uku ce: Da me aka yi ta? Sau nawa za ta yi aiki? Ina za ta in ta mutu?

To, mu fara da ta farko. Leda daga man fetur da iskar gas ake yin ta. Da yawa daga cikin waɗanda muke gani daga Najeriya suke shigowa. Amma leda ba ta da nauyi, abu kaɗan ne ake yin ta da shi. Don haka yin leda guda ɗaya ba ya cin wuta da ruwa mai yawa.

Takarda kuwa daga itace take. Sai an sare itatuwa, an niƙa, an dafa da magunguna da ruwa mai yawa, sannan a busar. Ta kuma fi leda nauyi, saboda haka motar da ke ɗauko ta takan sha mai fiye da wadda ke ɗauko ledoji masu yawa ɗaya da ita.

Jakar zane daga auduga take. Manomi ya san auduga: tana son ruwa, tana son taki, tana son maganin ƙwari. Bayan an tsince ta, sai a gurza, a kaɗa zare, a saƙa, a rina, a ɗinka. Kowane mataki yana cin wuta. Ke nan a wurin yi, jakar zane ce ta fi ɗora wa ƙasa nauyi. Mu ce kowace jaka da bashi take zuwa duniya. Bashin leda kaɗan ne, na takarda ya ɗara shi, na sabuwar jakar zane ya fi duka.

Da me jaka ke biyan bashinta? Da aiki. Wannan ita ce tambaya ta biyu. A shekarar 2011 hukumar kula da muhalli ta Ingila ta fitar da wani bincike. Ta auna hayaƙin da ke ƙara wa duniya zafi, wanda ke fita wajen yin kowace jaka. Ta gano cewa sai an yi aiki da jakar takarda sau 3 kafin ta yi daidai da leda da aka yi aiki da ita sau ɗaya aka yar. Jakar auduga kuwa sai sau 131.

Ku ɗauko alli mu yi lissafi tare. A ce wata uwargida a Attantane ta sayi sabuwar jakar zane. In ran kasuwa kaɗai take fita da ita, sau ɗaya a mako, to a shekara sau 52 ke nan. Shekara biyu, sau 104. Sai ta ƙara rabin shekara da mako ɗaya kafin ta kai 131. Amma in kullum tana aiki da ita, ta je shago, ta je wurin injin niƙa, ta aiki yaro, to kwana 131 ne kawai, wato wata huɗu da ƴan kwanaki. Daga nan duk aikin da jakar ta yi riba ce.

Kun ga inda kuskure yake. Wanda aka ba jakar zane a wurin taro, ya rataye ta a ɗaki har gara ta cinye, bai biya bashin ba. Jakar takarda kuma da wuya ta kai sau 3 a wurinmu. Ruwan damana ya taɓa ta, ko mai ya jiƙa ta, shi ke nan ta yage.

Kada wani ya ce to ai leda ta yi nasara. Saura tambaya ta uku. Wancan bincike an yi shi ne a ƙasar da mota ke zuwa ta kwashe shara, kuma bai ƙidaya ledar da aka zubar a fili ba. Mu a ƙauyukanmu iska ce ke kwashe ta. Takarda da zane sukan ruɓe, gara ta ci, su koma ƙasa. Leda ba ta ruɓewa. Rana tana farfasa ta ne kawai, guntayen su zauna cikin ƙasa shekara da shekaru.

Uwargidan nan, in tana dawowa da leda 5 kowace kasuwa, a shekara ta tara 260. Wasu za su bi taki zuwa gonar hatsi. Wasu za su tare ruwa, sauro ya yi ƙwai. Wasu za a kunna murhu da su, a shaƙi hayaƙi mai cutar ƙirji. Wasu kuma akuya za ta ci, domin tana jin ƙanshin gishiri ko mai a jikinsu, musamman da rani lokacin da ciyawa ta ƙare.

Tumbin dabba ba ya narkar da leda. Takan dunƙule ciki, ta tare wurin abinci. Alamarta ita ce dabba ta rage ci, ta yi ta rama, ciki ya kumbura, kashi ya ragu. In kun ga haka, ku kai ta wurin malamin dabbobi, gama wasu cututtuka ma suna kawo waɗannan alamu. Ku tambayi mahauta, su faɗa muku abin da suke tararwa cikin tumbi. Jar akuyar Maraɗi guda ɗaya ta fi kuɗin ledar shekara nesa ba kusa ba.

Saboda irin wannan ɓarna ne ƙasarmu Nijar ta kafa doka ranar 5 ga Nuwamba 2014, wadda ta hana yin ƙananan ledoji marasa kauri, da shigo da su, da sayar da su, da aiki da su. Amma doka ba za ta tsaya bakin kowane tebur ba. Mai saye ne zai ce: “Bar ledar, ga jakata.”

Ga hanyar da ta fi sauƙi. Ku ɗauki tsohon zane da aka daina ɗaurawa, ku ninka shi biyu, tela ya ɗinka, ya ƙarfafa hannun, don nan ne yake fara tsinkewa. Wannan zane ya riga ya biya bashinsa a jikin mai shi. Ba a noma sabuwar auduga dominsa ba. Amma jakar zane ba ta riƙe abu mai ruwa. Mai sai kwalba, nama da nono sai kwano mai murfi ko ƙwarya. Ku riƙa wanke jakar kuna shanya ta a rana. In kuma leda ta shigo gida dole, ku maimaita aiki da ita har ta huje, sannan ku ajiye ta inda bisashe ba za su kai ba.

Aikin wannan mako: kowa ya ƙidaya ledar da ta shigo gidansa cikin kwana 7. Ya rubuta lambar a littafinsa, ya ninka ta sau 52, ya kai wa malaminsa a duba tare.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Allah ya kai mu lafiya.