Ruwan gishiri da sukari: ta wace ƙofa yake shiga jini?

Damina ta kankama, kuma kun san daga Balan har cikin Gaya da Ajingi yanzu ne lokacin amai da gudawa. Kowa ya san ORS, amma me ya sa ake haɗa gishirin da sukari? 'Yan WAEC da JAMB ku matso, amsar ita ce darasin nan da ke rikita ku.

Mu ɗauki ƙwayar halitta guda a bangon ƙaramin hanji. Gefenta ɗaya yana kallon abinci, ɗayan yana kallon jini.

A gefen jini akwai famfo. Duk lokacin da ya ƙona ATP ɗaya, wato man da ƙwayar ke aiki da shi, sai ya fitar da sodiyam uku, ya shigo da fotashiyam biyu. Yana tura su ne zuwa inda suka riga suka yi yawa, kamar injin da ke hawar da ruwa tanki. Wannan ne firamare aktif tiransifot: shi da kansa yake biyan kuɗin mai. Jens Skou ya gano shi a 1957.

To, tunda an kwashe sodiyam, cikin ƙwayar ya zama kwari. Sodiyam ɗin da ke hanji yana son gangarowa, ƙofarsa kuwa ita ce SGLT1. Amma ƙofar nan tana da sharaɗi: sodiyam biyu sai da gulukos ɗaya. Ƙarfin gangarowar sodiyam ne ke jan gulukos ciki, ko da ya fi yawa a can. Ita ba ta taɓa ATP ba, wahalar famfo take ci. Shi ne sakandare, kuma nan ɗalibai ke faɗuwa. Su ce ai ba ta ƙona mai, don haka ba aktif ba ce. A'a! Kashe famfon ka gani, tankin zai ƙare, ita ma ta tsaya.

Gulukos ya taru a ciki, sai ya fita zuwa jini ta GLUT2. Gangara ce kawai, daga mai yawa zuwa kaɗan, ƙofar hanya kaɗai ta ba shi. Fasiliteted difyushan ke nan, ba ya hawa tudu.

Gubar kwalara tana sa hanji zubar da ruwa, amma ba ta lalata SGLT1. Idan gishiri da gulukos suka shiga tare, ruwa sai ya bi su. Shi ya sa awo ba wasa ba ne: fakiti ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsafta. In babu fakiti, ƙaramin cokali shida na sukari, shafaffe ba tozo, da rabin cokali na gishiri. Ka cika sukari don yaro ya ji daɗin sha, ƙofofin su kasa kwashewa, ragowar ya jawo ruwa cikin hanji, gudawar ta ƙaru. Lemon kwalba ma haka, sukari jingim, gishiri kusan babu.

In kuwa ido ya faɗa, ko mara lafiya ya kasa sha, a wuce asibiti nan take.