Adaidaita Sahu na Biyan Sannu a Hankali: Abin da Direba Ke Rasawa Idan Biya Ya Tsaya



Direban da ya karɓi adaidaita sahu a Kano bisa sharaɗin biyan mako-mako yakan ce ya sayi mashin. Doka ba haka ta ɗauke shi ba. A wurinta ɗan haya ne wanda aka ba zaɓin saye, kuma zaɓin ba ya faɗowa hannunsa sai ya cika biyan ƙarshe. Kafin nan mashin na mai shi ne, direba ba shi da ikon sayarwa ko jinginarwa. Asalin wannan hukunci shari'ar Helby da Matthews ce ta Ingila a 1895, wadda aka yi a kan fiyano.

Mu ƙaddara mashin ne da aka ƙayyade kuɗinsa naira miliyan 4.5, ana kawo 45,000 duk mako har mako 100. Direba ya yi mako 40 yana biya, ya zuba miliyan 1.8, sai inji ya buga ko jinya ta kwantar da shi. Mai mashin zai iya zuwa ya ɗauke abinsa ba tare da ya je kotu ba, abin da aka zuba kuwa ya tafi a matsayin kuɗin haya, har da na taya da gyaran da direba ya yi daga aljihunsa. In ma shi ya mayar da kansa, dokar Najeriya ta 1965 kan sayen biyan sannu a hankali ta ce zai cika abin da ya biya ya kai rabin kuɗin, sai dai in yarjejeniya ta sassauta. Ke nan ga mashin ya tafi, ga bashin 450,000.

Kariyar da dokar ta bayar tana farawa ne idan aka biya kashi uku cikin biyar na kuɗin abin hawa. A misalinmu miliyan 2.7 ne, wato mako na 60. Daga nan sai kotu. Wanda ya ƙwace da hannunsa ya rushe yarjejeniya, direba kuma na da haƙƙin neman duk abin da ya biya. Amma akwai ƙofa: idan biya uku suka taru, mai abin hawa zai iya kai shi ajiya kafin a yanke hukunci, kuma direban da ba ya fita aiki ba ya samun na lauya.

A ganina babban rauninmu takarda ne. Doka ta wajabta a rubuta yarjejeniya, a bayyana farashin kuɗi hannu daban, a ba ɗan haya kwafi cikin kwana 14. Da yawa kuwa da baki ake ƙullawa, a gaban mai tsayawa, littafin biya yana hannun mai mashin shi kaɗai. Ranar rigima direba ba shi da rasit ɗin da zai nuna ya haye mako na 60.