Kafin a Shiga Ɗakin Tiyata: A Ajiye Magungunan Ƙarin Lafiya



Jawabina ya shafi magungunan ƙarin lafiya da muke saye a kemis ko a kasuwa ba tare da takardar likita ba, kamar kafson tafarnuwa, da na citta, da na kurkum, da bitamin E, da kuma ginko da jinsen da ake shigowa da su daga waje. Da yawanmu ba ma lissafa su cikin magani. Shi ya sa idan likita ya tambaya ko muna shan wani abu, sai mu ce a'a.

A cikin jini akwai wasu ƙananan ƙwayoyi waɗanda aikinsu shi ne su taru su toshe bakin rauni. Tafarnuwa mai yawa da ginko suna rage musu ƙarfin mannewa da juna, don haka jini yana iya jinkirin tsayawa bayan an yi yanka. Kowace ƙwaya tana rayuwa kwana 7 zuwa 10, sannan jiki ya sauya ta da sabuwa. Wannan na cikin dalilan da suka sa likitocin sa barci ke ba da shawarar a daina irin waɗannan magunguna mako 2 kafin aiki.

Wasu kuma matsalarsu ta wani gefen take. Jinsen yana sauke sukarin jini, alhali kuwa ana hana mutum cin abinci sa'o'i kafin tiyata. Saiwar baleriyan da ake sha don samun barci tana ƙara wa allurar barci nauyi, har mutum ya yi jinkirin farkawa. Ita ba a yanke ta dare ɗaya, a hankali ake rage ta.

Mu ɗauki misalin dattijon da za a yi wa aikin gwaiwa ranar 20 ga wata, yana kuwa shan kafson tafarnuwa kullum. Daga ranar 6 ga wata zai ajiye shi. Tafarnuwa da cittar da ke cikin miya ba laifi. Ranar ganin likita ya tattara kwalabensa duka, har da jiƙo da garin magani, ya nuna. Idan dasashinsa kan yi jini, ko yakan yi haɓo, ya faɗa.

Amma fa a lura. Maganin da likita ya rubuta, kamar na hawan jini, ko asfirin, ko wafarin, ba a dakatar da shi sai da izininsa, domin barinsa na iya jawo shanyewar ɓarin jiki. Wanda ya manta ya sha wani abu kuma, kada kunya ta hana shi gaya wa likitan sa barci, ko da a safiyar aikin ce. Shi zai duba ko a ci gaba ko a ɗaga rana.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.