Naira Dubu Goma da Bandar Kifinmu



Kun ce mu faɗi yadda muka biya Facebook ya tallata mana bandar kifi. To, kafin mu taɓa "Boost post", abu uku muka tsayar.

Na farko, me muke nema? Ciniki, ba yabo ba. Sai muka zaɓi "Get more messages", don mai so ya yi mana magana ta WhatsApp.

Na biyu, su wa za su gani? Ba mu ce Najeriya duka ba. Haɗeja, Dutse da Kano muka saka, inda za mu iya aika kaya a mota daga Baturiya.

Na uku, nawa, kuma kwana nawa? Naira 2,000 kullum, kwana 5, dubu 10 ke nan, da haraji naira 750.

Mutum 25 suka yi magana, 6 suka saya. Kun ga kowane mai saye ya ci mana kusan naira 1,800. In ribarki a kansa ba ta kai haka ba, tsayar da tallar.

Inda muka yi sake, saƙonni sun kwana babu amsa, wasu suka saya a wani wuri. Don Allah, ku ware mai riƙe waya tukuna.